Sunan Baƙo: A Ji da Kunne Kafin a Hau Dandamali

A bikin raba kyaututtukan Oska na 2014, fitaccen ɗan fim John Travolta ya hau dandamali zai gabatar da mawaƙiya Idina Menzel. Yana buɗe baki sai aka ji ya kira "Adele Dazeem", sunan da ba kowa ke amsa shi ba a zauren. Kafin gari ya waye, duniya ta ɗauka.

Abin da ke kayar da mai gabatarwa, galibi, shi ne yarda da takarda. Rubutu yakan ɓoye sauti, kuma Bahaushe ya san haka, tunda yana ganin yadda ake cire wa Ɗanjuma ƙugiyarsa a takardun ofis. Haka ake yi wa Yarbawa. Sunan tsohon mataimakin shugaban Najeriya, Farfesa Yemi Osinbajo, yana da ɗigo a ƙarƙashin harafin s a rubutun Yarbanci, ɗigon da ke mai da shi "sh". Jaridu sukan zubar da ɗigon, don haka wanda ya karanta abin da ya gani zai ce "Osin", alhali mai sunan "Oshin" yake cewa. A Nijar kuwa rubutun Faransanci ne tarkon: "ou" tana nufin u, "dj" tana nufin j, shi ya sa Tandja yake Tanja.

Saboda haka ƙwararren mai gabatarwa daga kunne yake farawa. Yakan roƙi baƙon, ko na hannun damansa, ya turo masa sunan ta saƙon murya, sau ɗaya a hankali, sau ɗaya yadda yake faɗa kullum. In hakan bai samu ba, sai ya nemi hirar da baƙon ya ambaci sunansa da bakinsa. Na 'yan jarida ba abin dogaro ba ne, su ma kwafar kuskuren juna suke yi.

Daga nan sai ya sake rubuta sunan a katinsa yadda kunnensa ya ji, gaɓa-gaɓa, da manyan baƙaƙe inda murya ke hawa: O-SHIN-ba-jo. Ya maimaita da ƙarfi, ba a zuci ba, domin harshe ne zai yi aikin. Sai ya saka shi cikin jimlar gabatarwar gaba ɗaya, da muƙami da komai, don sunan da ya fita sumul shi kaɗai yakan sarƙe idan ya biyo bayan "mai girma Farfesa". Ya naɗi muryarsa a waya, ya kwatanta da ta baƙon. In ya ji yana ɗan tsayawa kafin sunan, ko yana haɗiye ƙarshensa, to da sauran aiki.

Ran taro, kafin a kunna lasifika, sai ya matsa kusa da baƙon ya gaishe shi: "Ranka ya daɗe, ga yadda zan kira sunan, a gyara mini." Gyaran da aka yi masa, nan take yake rubuta shi a katin.