Me Ya Sa Kishiyar "Duka" Ba "Babu Ko Ɗaya" Ba Ce?

A jarrabawar lissafi da ta auna kaifin tunani, akan ba ɗalibi jimla mai farawa da "duk", a ce ya zaɓi wadda ke kore ta. Da yawa sukan yi wuf su zaɓi mai cewa "babu ko ɗaya". Nan maki ke zubewa, domin amsar ita ce "akwai wanda bai cika sharaɗin ba".

Ƙa'idar ita ce: magana da kishiyarta ba sa zama gaskiya tare, ba sa kuma zama ƙarya tare. Dole ɗaya ta tsaya, ɗaya ta faɗi.

Mu gwada da kalandar Miladiyya. A ce wani ya ce: "Duk watannin shekara sun kai kwana 30." Wannan ƙarya ce, saboda Fabrairu kwana 28 gare shi, ko 29 a wasu shekarun. To, tunda maganar ta faɗi, wajibi ne kishiyarta ta zama gaskiya. Shin "babu watan da ya kai kwana 30" gaskiya ce? Ina! Watanni 11 sun kai. Ga maganganu biyu duk sun faɗi tare, ashe ɗaya ba ta kore ɗaya ba. Amma "akwai watan da bai kai kwana 30 ba" ta tsaya daram, Fabrairu ne shaidarta.

Dalilin a fili yake. Mai cewa "duka" ya ɗau alkawari ne a kan kowane wata, ɗaya bayan ɗaya. Mai ƙaryata shi ba ya bukatar rushe watanni 12. Ya nuna guda ɗaya tak, zance ya ƙare. Shi kuwa mai cewa "babu ko ɗaya" ya zarce gona da iri, ya ɗauko wata sabuwar da'awa mai nauyi irin ta farko.

Sai a kula da abu guda. A wannan fage, "akwai wanda bai kai ba" na nufin aƙalla ɗaya, ba ta ce sauran sun kai ba. Ko da a ce babu watan da ya kai, tana nan gaskiya. Shi ya sa ta rufe kowane hali da "duka" za ta iya faɗuwa a cikinsa.

Wannan bambanci ya daɗe. Aristotle ya fayyace shi a Girka tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), malaman manɗiƙi na Musulunci kuma suka ci gaba da karantar da shi.

Don haka mai karatu, kafin ka zaɓi amsa, tambayi kanka: shin akwai halin da jimlar da zaɓin nan za su zama ƙarya tare? In akwai, ba ita ce amsar ba.