Ƙarin farashi: yaushe yake cika aljihu, yaushe yake rage ciniki?

A ɗauka wata 'yar kasuwa daga Sérou tana kai masara kasuwar Djougou. Da tana sayar da kwano a kan sefa 400, kwano 60 ke fita a ranar kasuwa. Ta ɗaga farashin zuwa 500, sai kwano 40 kawai suka fita. Masana tattalin arziki suna auna irin wannan ja da baya na masu saye da abin da ake kira sassaucin buƙata: a raba kason canjin yawan kayan da aka saya da kason canjin farashi.

Matsalar ita ce daga ina za a fara ƙirga kason. Daga 400 zuwa 500 ƙarin kashi 25 ne cikin ɗari, amma daga 500 zuwa 400 ragin kashi 20 ne. Mai hawa zai sami amsa 1.3, mai sauka 2.5, alhali masara ɗaya ce, kasuwa ɗaya.

Hanyar tsaka-tsaki ta raba wannan gardama, domin tana auna kowane canji da matsakaicin adadin farko da na ƙarshe. Tsakiyar 60 da 40 ita ce 50, don haka ragin kwano 20 ya zama kashi 40 cikin ɗari. Tsakiyar 400 da 500 kuwa 450 ce, ƙarin sefa 100 ya zama kashi 22.2. In aka raba 40 da 22.2, za a sami 1.8, ko ta wane ɓangare aka faro. Ba a damuwa da alamar ragi.

Amsar da ta haura 1 na nufin masu saye sun gudu fiye da yadda farashi ya hau, kuma jimillar kuɗin ciniki za ta ragu. Haka kuwa aka yi: 24,000 ta koma 20,000. Ba mamaki, tunda masu masara a jere suke, ga dawa da garin rogo a gefe. Da a ce kwano 55 suka fita, amsar 0.39 ce, ƙasa da 1, kuɗin kuma ya hau zuwa 27,500. An fi ganin haka idan farashi ya tashi a wurin kowa lokaci guda, daga Djougou har kasuwar Arzèkè ta Parakou, domin mai saye ba shi da wurin gudu.

Sai dai kuɗin ciniki ba riba ba ne. Kwano 20 da ba su fita ba suna nan a buhu, za su iya jiran wata kasuwar, abin da mai tumatir ba zai samu ba. Lissafin kuma yakan ruɗi mutum idan wani abu ya canza tare da farashi. In ranar farko ta faɗo gab da salla, ta biyu kuma bayan sabuwar doya ta shigo, ba farashi kaɗai ya kori masu sayen masara ba.