Mealy da Moore: Bugu Ɗaya na Agogo da Ke Raba Su

A cikin wayarka, da injin cirar kuɗi, da fitilar bayar da hannu a kan titi, akwai ƙananan da'irorin lantarki da ke tuna inda suka tsaya kafin su yanke abin da za su yi gaba. Kowace tana da wasu matsayai ƙididdigaggu, kuma ba ta tashi daga wani ta koma wani sai agogon da ke cikinta ya buga. Idan agogon yana bugu sau miliyan 50 a daƙiƙa, tsakanin bugu da bugu nanosakan 20 ne kacal. Wannan tazarar ita za mu kira zango.

Hanya biyu ake bi wajen fitar da amsar irin wannan na'ura. George Mealy ya bayyana tasa a 1955, Edward Moore kuma a 1956, dukansu suna aiki a Bell Labs da ke Amurka. A tsarin Moore, amsa ta dogara ne ga matsayin da na'ura take ciki kawai. A tsarin Mealy kuwa, ana haɗa matsayin da abin da ke shigowa a wannan lokacin. Kamar masu gadi biyu ne: ɗaya yana ganin fuskarka ya buɗe ƙofa, ɗayan sai ya rubuta sunanka a littafi tukuna.

Mu ɗauki aiki guda. Lambobi 0 da 1 suna shigowa ta waya ɗaya, lamba ɗaya a kowane zango, ana so na'ura ta fitar da 1 duk sa'ad da 1 ya zo sau biyu a jere. Na'urar Mealy matsayi biyu sun ishe ta: ko lambar baya 0 ce, ko 1 ce. In tana tune da cewa ta baya 1 ce, kuma ga wani 1 a kan waya yanzu, nan take za ta amsa. Ta Moore ba ta da ikon leƙa waya wajen ba da amsa, don haka dole a ƙara mata matsayi na uku mai nufin "na ga biyu". A harshen Verilog bambancin bai wuce haka ba:

```verilog
assign y_mealy = (s == GA_DAYA) && x;
assign y_moore = (s == GA_BIYU);
```

Yanzu a turo 0, 1, 1, 1, 0 a zango na 1 zuwa na 5. A zango na 3 ne 1 na biyu ya iso, kuma a cikinsa Mealy ta fitar da 1. Amsoshinta su ne 0, 0, 1, 1, 0. Moore ma ta ga lambar a zango na 3, amma sai agogo ya buga a ƙarshen zangon za ta shiga matsayi na uku, saboda haka amsarta ta bayyana a zango na 4: 0, 0, 0, 1, 1. Amsa iri ɗaya ce, ta dai makara da zango guda.

Kada a raina wannan makara. A ce amsar ita ce umarnin adana bayanin da ke wucewa a wata waya. In umarnin ya zo a makare, bayanin da ake so ya riga ya wuce, na bayansa za a adana. Alamar wannan cuta a bayyane take: idan aka duba zanen siginoni a gwajin kwamfuta, za a ga komai daidai amma ya gusa da gurbi ɗaya, na farko ya ɓace, wani baƙo ya shigo a ƙarshe. Maganin shi ne a jinkirta bayanin shi ma da zango ɗaya, su iso tare.

To me ya sa ba kowa ya rungumi Mealy ba, tunda ta fi sauri kuma a misalinmu ƙwayar ajiya ɗaya take ci, Moore biyu? Saboda saurin nata yana da farashi. Duk wata 'yar rawa da siginar shigowa ta yi a tsakiyar zango, kai tsaye take ɓullowa a amsa. Sannan hanyar da sigina ke bi daga shiga zuwa fita tana haɗuwa da ta da'irar gaba, tafiyar ta yi tsawo, har a tilasta rage saurin agogo. Mafi muni, in aka haɗa Mealy biyu, amsar kowace tana shiga ɗayar, ana iya samun zobe wanda babu ƙwayar ajiya a cikinsa, siginar ta yi ta kai-komo ba ta zauna ba.

Wasu kan sa ƙwayar ajiya a bakin fitar Mealy don tace rawar. Dabara ce mai kyau, sai dai a sani cewa zangon nan da aka ci riba an mayar da shi, lokacin amsa ya koma daidai da na Moore.

A ganina, mai koyo ya fara da Moore, musamman in amsar za ta fita waje ta kunna wani abu. Ya koma ga Mealy sai in ya ƙirga zangunansa a takarda ya tabbatar cewa aikin ba zai iya jiran bugu ɗaya ba.