Yadda ake cire farin ɓawon da ke taruwa a butar lantarki da kan famfo

Duk wanda ke dafa ruwan bohol a butar lantarki ya san farin abin nan mai kaushi da ke manne wa gindinta bayan 'yan makonni. Da farko kamar ƙura yake, sannan ya yi kauri, ya fara ɓarewa yana faɗawa cikin shayi. Daga nan sai butar ta fara ƙara mai yawa, ko ta kashe kanta ruwa bai tafasa ba. Da yawa a nan suke yanke hukuncin ta lalace su sayi sabuwa, alhali cokali biyu na garin sitirik asid ko kofi biyu na ruwan khal, wato farin binega, sun isa su gyara ta.

Mene ne wannan ɓawon?

Wannan ɓawon ba datti ba ne, shi ya sa sabulu ba ya fitar da shi. Sinadarin kalsiyam kabonet ne, wanda shi ne ke cikin dutsen farar ƙasa da ɓawon ƙwai. Ruwan da ya ratsa irin wannan dutse a ƙarƙashin ƙasa yakan narkar da wani ɓangarensa ya taho da shi, ido ba ya gani. Shi ya sa matsalar ta fi yawa a ruwan rijiya da na bohol, musamman a yankunan da ke da dutsen, irin su Kalambaina a Sakkwato, Ashaka a Gombe da Malbaza a Nijar, inda ake haƙar sa don yin siminti.

Da zarar ruwan ya yi zafi, sinadarin da ke narke sai ya koma dutse:

Ca(HCO₃)₂ → CaCO₃ + CO₂ + H₂O

Wurin da ya fi zafi a nan ya fi taruwa, wato kan ƙarfen da ke dumama ruwan. A kan famfo kuwa ba zafi ne ke kawo shi ba, bushewa ce: ɗigon ruwa ya bushe a bakin famfon, ya bar sinadarinsa a baya.

Illar da yake yi wa butar ita ce yana hana zafi ratsawa. Ƙarfen yana samar da zafi, amma ɓawon ya tsaya tsakaninsa da ruwa kamar bargo, sai ƙarfen ya yi zafi fiye da yadda aka tsara masa. A ƙarƙashin butar akwai ɗan makunnin kariya da ke yanke wuta idan zafi ya wuce kima, kuma shi ne ke kashe ta kafin lokaci. Idan aka ci gaba a haka, wayar da ke cikin ƙarfen tana iya ƙonewa. Ɓawon kansa ba guba ba ne, kayan aiki yake ɓatawa.

A tabbatar shi ne matsalar

Ba kowace buta mai jinkiri ce ke fama da ɓawo ba. Buta mai ƙarfin wat 2,200 tana tafasa lita ɗaya cikin minti biyu da rabi zuwa uku idan wuta ta cika. Amma idan wutar ta sauko daga bolt 230 zuwa 180, ƙarfin butar yana faɗuwa zuwa wajen wat 1,350, ruwan ya ɗauki kusan minti huɗu ko fiye ko da cikinta tas yake. Saboda haka jinkirin da ke zuwa da dare lokacin da ƙwan fitila ya dushe, laifin wuta ne.

Gwajin ɓawo ba shi da wahala. A ɗiga ruwan lemon tsami ko khal a kan tabon. Idan ƙananan kumfa suka taso, kalsiyam kabonet ne, kuma tsami zai cinye shi. Tabo ja ko ruwan ƙasa yawanci sinadarin ƙarfe ne daga ruwan ko tsatsa. Idan kuma ƙananan ramuka ne a jikin ƙarfen, ƙarfen ne ya cinye, babu wankin da zai mayar da shi.

Sitirik asid ko khal?

Duka biyun aiki ɗaya suke yi: tsaminsu yana narkar da ɓawon ya koma cikin ruwa, kumfar da ake gani kuma iskar CO₂ ce ke fita. Sitirik asid farin gari ne mai kama da sukari, ana samun sa wurin masu sayar da kayan kek da kayan haɗa lemo, kuma lambarsa a jikin kayan abinci E330 ce. Ba shi da wari, ga saurin aiki. Khal ya fi sauƙin samu, amma warinsa yana daɗewa, musamman a butar roba. Farin khal ake so, wanda aka rubuta kashi 5 cikin 100 a jikin kwalbarsa. Ruwan lemon tsami ma yana yi, sai dai tsamin da ke cikinsa bai wuce kashi 5 zuwa 6 cikin 100 ba, don haka sai an matse da yawa kafin a kamo ƙarfin cokali biyu na garin.

Misalin buta mai lita 1.7

A ɗauki misalin ɗalibin da ke dafa lita uku na ruwan bohol kullum a ɗakinsa, don shayi da taliya da ruwan wanka lokacin hunturu. A ce kowace lita tana ɗauke da miligiram 200 na wannan sinadari, wanda ruwa ne mai nauyi sosai. A rana miligiram 600 ke nan, a wata kuma giram 18. Ba duka ne ke mannewa ba, amma wannan lissafi ya nuna dalilin da ya sa buta ke yin fari cikin wata ɗaya.

Giram ɗaya na sitirik asid yana iya narkar da kusan kashi uku cikin huɗu na giram ɗaya na ɓawo. Cokalin cin abinci biyu, wato wajen giram 30, za su ci giram 20 da ɗoriya, wanda ya isa tarin wata guda. Rabin litar khal ma kusan haka take ci.

Ɗalibin zai fara da zuba ruwa lita ɗaya, ya tabbatar ya rufe duk inda ɓawon yake. Zai tafasa ruwan, ya cire filogi daga soket, ya ɗauke butar daga mazauninta, ya bar ta ta huce na kamar minti biyar. Sai ya zuba garin a hankali, cokali ɗaya bayan ɗaya, domin kumfa za ta taso da ƙarfi. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba a cika butar har baki. Bayan minti 20 zuwa 30, idan kumfa ta daina, sai ya zubar, ya goge ragowar da soso mai laushi. Ɗan rariyar da ke bakin butar ana cire ta a jiƙa a cikin ruwan kafin a zubar da shi.

Idan da khal ne, za a haɗa rabin lita da rabin litar ruwa, a dumama ba tare da an bari ya tafasa ba, a bar shi awa ɗaya. Tafasa khal yana cika ɗaki da tururi mai yaji a ido da hanci, kuma yana iya ambaliya ya shiga wurin wayoyi.

Yadda ake gane an gama shi ne a duba gindin. Idan kumfa ta tsaya amma ɓawo yana nan, tsamin ne ya ƙare, sai a haɗa sabo a maimaita. A ƙarshe a ɗauraye sau uku, a tafasa ruwa zalla sau ɗaya ko biyu a zubar. Ba a tsoma butar ko mazauninta cikin ruwa, kuma sai bayanta ya bushe ake mayar da ita kan wuta. Hitar da ake tsomawa a bokiti ma haka ake mata: a tsayar da ita cikin kofin ruwan tsamin ba tare da an jona ta ba, ruwan ya tsaya ƙasa da mariƙinta.

Kuskuren da aka fi yi da sitirik asid shi ne a yi ta tafasa shi a buta mai kaurin ɓawo. Abin da ya narke yana iya komawa wani farin gari da ake kira kalsiyam sitiret, wanda ba ya narkewa sosai a ruwa kuma ya fi ɓawon farko wuyar fita. Zagaye biyu gajeru da ruwa mai ɗumi sun fi dogon tafasa sau ɗaya.

Kan famfo

Idan ruwan famfo ya ragu ko yana feshi gefe-gefe, yawanci ƙaramar rariyar da ke bakinsa ce ta toshe. Ana kwance ta da hannu, ko da filaya bayan an naɗa tsumma don kada ta karce. A lura da yadda robar da sauran ƙananan sassan suke jere, ɗaukar hotonsu da waya ya isa. A jiƙa su a khal minti 30 zuwa awa ɗaya, a goge da tsohon buroshin haƙori, a mayar.

Idan rariyar ta ƙi kwancewa, a zuba khal da ruwa rabi da rabi a ƙaramar leda, a cusa bakin famfon ciki, a ɗaure da kyauron roba. Awa ɗaya ta isa. Kyallin azurfar da ke jikin famfo siririn rufi ne, barin tsami a kansa ya kwana yana iya dusar da shi. Famfo mai ruwan gwal, baƙi ko na tagulla ya fi saurin ɓaci, sai a fara gwadawa a ɓoyayyen wuri na 'yan mintoci. A kuma kare abin da ke ƙasa, domin mabul da tarazo dangin ɓawon ne, tsami yana cin su ya bar tabon da ba ya fita.

Abubuwan da ba a haɗawa

Mafi haɗari shi ne haɗa tsami da bilic irin su Haipo da Jik. Haɗin yana fitar da iskar kulorin, wadda ke ƙona huhu, musamman a rufaffen banɗaki. Idan an wanke wurin da bilic, a ɗauraye sosai tukuna.

Zuba kanwa ko bakin soda a cikin khal ma ɓata kaya ne. Kumfar da ke tashi tana sa a zaci ƙarfi ya ƙaru, alhali su biyun kashe juna suke yi, tsamin ya ƙare kafin ya taɓa ɓawon. Ruwan batir da asid ɗin wanke masai ba su da hurumi a abin da ake dafa ruwan sha. Wuƙa da soson ƙarfe kuma suna karce gindin butar, kuma a cikin karcen ne sabon ɓawo ya fi saurin kamawa.

Mai amfani da ruwa mai nauyi, wanki sau ɗaya a wata ya ishe shi, ko da zarar gindin ya fara dushewa. Tsakanin wanki da wanki, a riƙa dafa daidai abin da ake buƙata, a juye ragowar bayan an gama, a bar murfin a buɗe ta bushe. Bakin famfo kuma a goge shi da busasshen tsumma kafin ɗigon ya bushe a kansa.