Ko Kun Sani? Gurbin da Babu Komai Ba Sifili Ba Ne

A Excel, umarnin `AVERAGE` yana lissafawa da sifili, amma yana tsallake gurbin da aka bari babu komai da wanda aka rubuta kalma a ciki.

A ce malama a wata makarantar sakandare a Gwagwalada tana haɗa makin ɗaliba na gwaji huɗu. Ta ci 60, 70 da 80, na huɗu kuma ba ta zo ba. In an bar gurbin fayau, `=AVERAGE(B2:E2)` zai raba 210 gida uku, ya ba da 70. In an sa 0, sai ya raba gida huɗu, maki ya faɗo 52.5. In kuwa an rubuta "ba ta zo ba", 70 ɗin zai dawo. Amma `AVERAGEA` yana ɗaukar rubutun a matsayin sifili, ya ba da 52.5.

Mafi haɗari shi ne lambar da aka shigar a matsayin rubutu. Ido yana ganin 80, lissafi ba ya gani, sai a samu 65. Yawanci takan jingina hagu a gurbinta. Don tabbatarwa, a gwada `=COUNT(B2:E2)`. In makin da ido ya ƙirga uku ne, shi kuma ya ce 2, to ɗaya rubutu ne.