Ciwon ƙwauri a Tchibarakaten: yaushe hutu ya isa, yaushe sai an ɗauki hoto?

Tun da aka gano zinariya a Tchibarakaten a 2014, samari ke kwarara zuwa wannan yanki na arewacin jihar Agadez, kusa da iyakar Aljeriya. Aikin duk a kan ƙafa yake: shiga rami da fita, ɗaukar buhun duwatsu, da tafiya a kan tsakuwa da takalmin da ya cinye. Irin wannan aiki yana jawo ciwon ƙwauri iri biyu masu kama da juna, amma ƙarshensu ya sha bamban.

Na farko ciwo ne na gefen ƙashin ƙwauri ta ciki, inda tsoka ke manne da ƙashi. Yawan taku da nauyi ne ke sa wurin ya yi tsami. Na biyu tsagewar ƙashin ce da kansa, ba tare da faɗuwa ko duka ba. Ƙashi abu ne mai rai. Idan aka ɗora masa sabon aiki, jiki kan fara rushe tsohon sashe kafin ya gina sabo. A wannan tsakanin ƙashin na da rauni, kuma idan ba a sassauta ba sai ya tsage, kamar wayar da ake ta lanƙwasawa a wuri ɗaya. Tun a 1855 wani likitan soja na Jamus, Breithaupt, ya bayyana irin wannan ciwo a ƙafafun sojoji masu doguwar tafiya.

A ɗauki misalin saurayin da ya baro gona ya fara dakon duwatsu. Bayan mako uku ƙwaurinsa na ciwo da safe, amma da jiki ya ɗumama sai ya lafa. Idan ya bi gefen ƙashin da yatsa, zafin ya bazu tsawon santimita 5 ko fiye, wato kusan faɗin yatsu uku zuwa sama. Wannan shi ne ciwon gefen ƙashi. Maganinsa rage nauyi da tafiya na 'yan makonni, sauya takalmi, sannan komawa aiki sannu a hankali.

To, a ce bai huta ba, ya sha tiramol ko wani maganin kashe zafi ya ci gaba. Bayan wasu makonni sai ciwon ya sauya hali. Yanzu yana iya ɗora yatsa ɗaya ya ce “nan ne”. Aiki ba ya kwantar da zafin, ƙara shi yake yi. Yana ɗingishi, wurin ya ɗan kumbura, tsalle da ƙafar ita kaɗai ya gagare shi, har a kwance cikin dare yana jin zugi. Waɗannan alamun tsagewa ne, kuma su ke wajabta hoto. Maganin ya ɓoye zafin ne kawai, tsagar kuwa tana ta ƙaruwa.

Wurin da zafin yake ma yana da muhimmanci. Tsagar gefen ciki ta baya takan warke cikin kamar mako 6 zuwa 12 idan an sauke wa ƙafar nauyi. Ta gaban ƙashin, a tsakiyar ƙwauri, ita ce mai taurin kai: jini bai wadata a wurin ba, takan ɗauki watanni, wani lokaci sai an yi tiyata, kuma tana iya zama karaya gaba ɗaya.

Hoton ƙashi na yau da kullum, wanda ake kira radiyo a Nijar, yakan fito fes a mako biyu ko uku na farko alhali tsagar tana nan. Don haka likita kan sa a maimaita shi bayan wasu makonni, ko ya tura mutum hoton maganaɗisu, wato IRM, wanda ke ganin matsalar da wuri. Daga Tchibarakaten zuwa asibiti a Arlit tafiyar ɗaruruwan kilomita ce cikin hamada, saboda haka kafin a samu mota, a ɗauki ƙafar a matsayin tsagaggiya: a bar aiki, a riƙe sanda, kada a bari mai ɗori ya murza wurin.

Akwai kuma alamun da ba sa jiran mako: kasa taka ƙafar sam, zazzaɓi tare da zafi da kumburi a wurin, ƙafa ta mutu ko ta yi sanyi, ko tsokar bayan ƙwauri ɗaya ta kumbura bayan doguwar tafiya a mota, domin wannan kumburin yana iya zama gudan jini a jijiya.

Masu ramuka, idan yaronku ya nuna ciwon ƙwauri da yatsa ɗaya, ku sauke masa buhu ku nema masa motar zuwa asibiti.