Idan dutsen guga ya ci tufafi

A unguwar Zariya ta birnin Maraɗi, da garuruwan kusa kamar Tibiri da Jiratawa, masu wanki da yawa da dutsen gawayi suke guga. Wannan dutse ba shi da makunnin rage zafi, sai dai gwanintar hannu. Shi ya sa ba a rasa rigar da ta dawo da tabo.

Kafin a nemi magani, a fara sanin irin yadin. Auduga tana jure zafi har digiri 200, shi ne ɗigo uku da ake gani a ƴar takardar wuyan riga. Idan zafin ya yi yawa, sai ta babbake daga sama. Yadin roba kuwa, irin su poliyesta da nailan, narkewa yake yi.

Mu ɗauki farar shaddar auduga da aka sa wa sitaci, dutse ya bar mata shatin rawaya a ƙirji. Sau da yawa sitacin ne ya fara ƙonewa, zaren bai taɓu sosai ba. A jiƙa wurin da ruwan sanyi nan take, a cuɗa shi da sabulu a hankali, a ɗauraye. In shatin bai fita ba, a nemo ruwan oksijene na wanke ciwo a shagon magani, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100. A jiƙa farin ƙyalle da shi, a shimfiɗa kan tabon, a ɗora busasshen ƙyalle a sama, sannan a danna da dutse mai ɗumi kawai. A ɗaga a duba, a maimaita sau biyu ko uku, a ɗauraye, a shanya a rana. Idan yadin mai launi ne, kamar atamfa, a fara gwadawa a cikin kalmasa, domin maganin yana iya kwashe rini. Amma tabon da ya yi duhu har zaren yana marmashewa in an murza, wannan ya wuce wanki.

A yadin roba alamar ita ce sheƙi, domin zafi ya lanƙwashe zaren ya daddale su. In wurin yana da laushi har yanzu, a haɗa binega da ruwa daidai wa daida, a jiƙa ƙyalle a ɗora, a riƙe dutse a kai ba tare da dannawa ba don tururi ya ratsa, sannan a taje da buroshi mai laushi. In ya yi tauri ko ya takure, sai tela ya rufe shi da aiki ko aljihu.

Abu ɗaya nake roƙo: kada a taɓa haɗa ruwan jabel da binega ko lemon tsami, domin suna fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu.